Tsayin da GPS Ke Bayarwa da Tsayin da Ruwa Ke Bi



Duk wanda ya taɓa ɗora na'urar GPS a kan tsohon turken awo na gwamnati, irin wanda aka rubuta tsayinsa tun shekaru aru-aru, ya san abin da zan yi magana a kai. Takarda ta ce tsayin turken mita 480, na'ura kuma ta ce mita 501 da ɗoriya. Sai matashin ma'aikaci ya ce magabata sun yi kuskure, dattijo kuma ya ce wannan na'urar zamani ba abin dogaro ba ce. Gaskiyar magana ita ce, kowannensu daga wani tushe dabam yake ƙirga tsayi.

GPS ba ya ganin teku. Abin da yake yi shi ne lissafa nisan na'ura daga taurarin ɗan'adam, ya fitar da matsayinta daga tsakiyar duniya, sannan ya faɗi tsayinta a bisa wata siffa ta lissafi da ake kira elifsoyid. Siffar kamar lemo take da aka ɗan danne daga sama da ƙasa, sumul, babu tudu babu kwari. Wadda GPS ke amfani da ita ta tsarin WGS84 ce, kuma daga tsakiyarta zuwa ikwaita mita 6,378,137 ne, zuwa doron arewa kuwa tazarar ta ragu da kusan kilomita 21. Tsayin da aka auna daga wannan siffa shi muke rubutawa da ƙaramin h.

Ruwa kuwa bai san da wannan siffa ba. Ƙarfin da duniya ke jan abubuwa da shi kawai yake bi, kuma wannan ƙarfi ba daidai yake a ko'ina ba, domin duwatsun da ke ƙarƙashinmu sun bambanta a nauyi da kauri. Da a ce teku za ta kwanta lami, babu iska babu igiya, a kuma haƙa mata hanyoyi ta ratsa ƙarƙashin ƙasashe, shimfiɗar da fuskar ruwan za ta yi ita ce jiyoyid. Daga ita ake ƙirga abin da muke kira tsayi bisa teku, wanda muke rubutawa da babban H. Ita ce kumfar da ke cikin na'urar lebur ke bi, shi ya sa awon lebur da gangaren ruwa kullum bakinsu ɗaya. Tazarar da ke tsakanin jiyoyid da elifsoyid ita ce N. A kudu da Sri Lanka jiyoyid ta nutse kusan mita 106 ƙasa da elifsoyid, a wajen New Guinea kuma ta haura kusan mita 85. A Najeriya sama take, da mita ashirin ko kusa da haka a yawancin wurare. Gyaran dai layi ɗaya ne:

```
H = h − N
```

Da a nan maganar ta tsaya, da ba mu taru ba. Matsalar ita ce N ba lamba ɗaya ba ce da za ka haddace ka riƙa cirewa. Tana sauyawa daga wuri zuwa wuri, kuma sauyin santimita biyu ko uku a kowace kilomita ba baƙon abu ba ne. A fili na gida ɗaya wannan ba komai ba ne. A aikin da ya miƙe kilomitoci, kuma ruwa zai bi shi da kansa ba tare da famfo ba, kamar hanyoyin ruwan da ke kai ruwan Tiga gonakin Kadawa, nan ne abin ke cizo.

Bari mu yi lissafi tare. Lambobin da zan kawo na gwaji ne, na tsara su domin wannan darasi, amma girmansu ya yi daidai da abin da ake gani a fili. Ana son gina hanyar ruwa mai tsawon kilomita 10, da gangaren santimita 20 a kowace kilomita, wato mita 2 ke nan daga farko zuwa ƙarshe. Akwai turke A a farkon aikin, wanda awon lebur ya ba shi tsayin mita 480.25, GPS kuma ya ba shi 501.87. Idan muka cire, N a wurin 21.62 ce. Akwai turke B a ƙarshe: lebur ya ce 478.10, GPS ya ce 499.42, saboda haka N a can 21.32 ce. Bambancin santimita 30 ke nan a tsakaninsu.

Yanzu a ce ɗan kwangila ya tsaya a A kaɗai, ya samu 21.62, ya shigar da ita cikin na'urarsa, ya ce ya gyara. A kusa da A komai zai yi kyau, har ya samu natsuwa. Amma yana nisa yana cire fiye da abin da ya kamata, har idan ya isa B zai karanta 477.80 a inda gaskiyar tsayin 478.10 ne. Yana ganin ƙasa ta fi yadda take sauka, don haka zai kafa gindin hanyar ruwan santimita 30 sama da inda zane ya ce. Gangaren mita 2 ya koma 1.70. Saurin ruwa zai ragu da kusan kashi 8 cikin ɗari, laka za ta fi kwanciya, kuma idan akwai tsohuwar ƙofar ruwa a B da aka gina da awon lebur, sabon gini ba zai haɗu da ita ba. Abin da ya fi damuna a irin wannan kuskure shi ne ba ya nuna kansa. Ko sau goma aka maimaita awon, GPS zai ba da amsa ɗaya, domin na'urar ba ta yi laifi ba. Manomin da ke ƙarshen layi, wanda ruwa bai isa gonarsa yadda ya kamata ba, shi zai fara sani.

To ina za a samo N ta kowane wuri? Akwai taswirorin jiyoyid na duniya baki ɗaya. Hukumar taswira ta sojan Amurka ce ta fitar da EGM96, tare da NASA, sannan EGM2008, wadda ta amfana da awon taurarin GRACE da aka harba a 2002. Ka ba ta latitu da lonjitu, ta ba ka N. Manhajar GeoidEval, wadda kyauta ce, tana nemo N ta cire ta daga h ta ba ka H da umarni ɗaya, inda lambobin uku su ne latitu da lonjitu da h:

```
echo 11.6 8.4 500.70 | GeoidEval -n egm2008-1 --haetomsl
```

Sai dai a nan ma akwai tarko, kuma masu ilimi ne suka fi faɗawa cikinsa. EGM2008 ba ta ganin abin da ya gaza kusan kilomita 9 a faɗi, kuma ingancinta ya dogara da yawan awon da aka yi a ƙasa, wanda a sassa da yawa na Afirka bai kai na Turai ba. Bayan haka, sifilinta ba shi ne sifilin taswirorinmu ba. Tsayin turakun Najeriya daga matsakaicin ruwan teku a Legas aka faro shi, aka yi ta jan layin lebur ɗaruruwan kilomitoci zuwa arewa, kuma kowane zango yana ƙara ɗan kuskurensa. Ba abin mamaki ba ne ka ga tazarar rabin mita ko fiye tsakanin tsayin EGM2008 da na turken gwamnati.

Shawarata ita ce a haɗa biyun. Taswirar duniya ta fi iya faɗin yadda N ke sauyawa, turakun gida kuma su ne ke faɗin inda sifilinmu yake. Mu koma misalinmu. A ce EGM2008 ta ba da 21.10 a A, da 20.82 a B. Abin da muka auna ya ɗara nata da 0.52 a A, da 0.50 a B. Ragowar biyun sun kusa zama ɗaya, wannan kuwa alama ce mai kyau: taswirar ta kama siffar jiyoyid a yankin, ɗagawa kawai take bukata. A tsakiyar hanya, inda babu turke, GPS ya ba da 500.70, taswira ta ba da 20.97. Mu ƙara 0.51, N ta zama 21.48, tsayi bisa teku kuma 479.22.

Turke biyu na kawo don sauƙin lissafi, amma a aikin gaske ba su isa ba. A nemi huɗu ko biyar da suka kewaye filin aikin, kada a fita wajensu da awo, kuma a ware ɗaya da ba za a sa cikin gyaran ba, a gwada sakamakon a kansa. Idan ragowar turke ɗaya ta fita dabam da santimita 20 ko 30, a zargi turken tukuna: zaizaya ko masu gyaran titi na iya motsa shi, ko kuma daga wani layin lebur dabam tsayinsa ya fito. Kuma a tuna cewa awon tsayi da GPS ya fi awon matsayi rauni, saboda taurarin duk a sama suke, babu na ƙarƙashin ƙafa da zai daidaita lissafin. Da RTK mai kyau ana samun santimita biyu zuwa uku. GPS na hannu da na waya kuwa kuskurensu mitoci ne, ba su da gurbi a aikin ruwa.

Girman kuskure yakan tona asirin sanadinsa. Idan tsayinka ya ɗara na turke da kusan mita 20, ba a cire N ba. Idan ya ɗara da kusan 40, an ƙara ta maimakon a cire. Idan ya gaza da kusan 20, sau biyu aka cire, kuma wannan na yawan faruwa domin na'urori da dama suna cirewa da kansu ba tare da sun sanar ba. A duba layin GGA da na'ura ke fitarwa: inda aka ga irin `545.4,M,46.9,M`, lamba ta farko tsayi ce bisa teku, ta biyu kuma N ɗin da na'urar ta riga ta cire, sau da yawa daga wani jadawali mara zurfi da ke cikinta. Kuskuren mita ɗaya da rabi zuwa biyu kuwa yawanci tsayin sandar eriya ne aka manta.

Akwai kuma masu ɗaukar cewa idan sun juya awonsu daga WGS84 zuwa tsarin Minna, tsayin ma ya gyaru. Bai gyaru ba. Tsarin Minna na matsayi ne a shimfiɗe, a kan elifsoyid ɗin Clarke 1880 aka gina shi, don haka abin da juyin zai bayar tsayi ne bisa wata elifsoyid dabam. Haka nan masu sauko da bayanan tudu da kwari daga intanet su lura cewa na SRTM a kan EGM96 suke, na Copernicus kuma a kan EGM2008.

Roƙona ga masu sa hannu a kan zane da masu karɓar aiki a ma'aikatu shi ne kada a amince da lambar tsayi tsirara. A gefen kowane zane a rubuta ko h ce ko H, da sunan taswirar jiyoyid da aka yi amfani da ita, da lambobin turakun da aka jingina da su, da ragowar da aka samu a kan kowanne. A kuma adana h ta asali, domin ranar da aka samu taswirar jiyoyid da ta fi ta yau inganci, a sake lissafi daga ofis ba sai an koma daji ba.