Farashin Zinariya: Yadda Ake Juya Shi Daga Oza Zuwa Giram, Tola da Kilo

 

Zaman yau na lissafin zinariya ne. Da yawa a cikinmu, in kuɗin adashi ya fito ko an raba asusu a ƙarshen shekara, mukan sayi ɗan kunne ko zobe ko sarƙa mu ajiye, don ranar da buƙata ta taso a sayar. To a wajen saye da sayarwar nan ne ake yi mana ƙwange, kuma sau da yawa sikelin lafiyarsa ƙalau, a lissafi ake cin mu. Za ki ji rediyo ta faɗi farashi da oza, mai shago ya faɗa miki da giram, wadda ta dawo daga Dubai ko Saudiyya ta ce ita da tola ta sayo, babban dillali kuma yana maganar kilo. Ma'auni huɗu ke nan a kan kaya ɗaya. Dabarar da za mu koya guda ɗaya ce: duk farashin da aka faɗa miki, ki mayar da shi farashin giram ɗaya tukuna, sannan ki yi ciniki.

Sakatariya, ki rubuta mana lambobi uku a bangon littafin ƙungiya. Oza ɗaya ta zinariya giram 31.1 ce. Tola ɗaya giram 11.664 ce. Kilo ɗaya giram 1,000 ne. Waɗannan ba sa canzawa, ko farashi ya hau ko ya sauka.

Mu fara da oza, don da ita kasuwar duniya take faɗin farashi, kuma da dalar Amurka. Kun san yadda mudun wata kasuwa yake fin na wata girma, alhali sunansu ɗaya. Haka oza take, iri biyu ce. Akwai ozar kayan abinci, irin wadda ake rubutawa a jikin gwangwani, nauyinta giram 28.35. Akwai kuma ozar zinariya da azurfa, wadda ake kira turoyi, ita ce giram 31.1. A waya duka biyun ana iya rubuta su da "oz", shi ya sa mutane suke ruɗewa. In dai zinariya ake magana, ki riƙe 31.1.

Bari mu ɗauki misali. Lambobin kuɗin da zan faɗa na koyo ne kawai, don farashin gaske kullum canzawa yake, sai a tambaya a ranar. A ce an faɗi oza ɗaya dala 3,110, kuma ana canjin dala ɗaya naira 1,500. Mataki na farko, ki raba 3,110 da 31.1, zai ba ki 100. Wato giram ɗaya dala 100 ne. Mataki na biyu, ki ninka 100 sau 1,500, ya zama naira 150,000. Wannan shi ne kuɗin giram ɗaya na tsantsar zinariya a misalinmu.

Yanzu ku ga abin da zai faru in an yi amfani da ozar gwangwani. A raba 3,110 da 28.35, sai giram ya tashi dala 109.70, wato naira 164,550. An ɗora miki naira 14,550 a kan kowane giram. In giram goma kika saya, naira 145,500 ta tafi a banza, kuma wanda ya yi miki lissafin zai iya rantsuwa cewa daga farashin duniya ya ɗauko. Gaskiya ne daga can ya ɗauko, amma da mudun da ba na kayan ba ya auna.

Da zarar kin sami kuɗin giram, sauran sauƙi ne. Kuɗin tola: ki ninka 150,000 sau 11.664, zai ba ki naira 1,749,600. Kuɗin kilo: ki ƙara sifili uku a bayan kuɗin giram, ya zama naira miliyan 150. In kuma aka fara ba ki farashin kilo, ki cire sifili uku. In na tola aka ba ki, ki raba da 11.664. A wajen kilo, kuskuren da aka fi yi shi ne cire sifili biyu maimakon uku, ko huɗu, sai farashin ya ninku sau goma ko ya ragu sau goma. Ki ƙirga sifilan da yatsa, ba abin kunya ba ne.

Wata za ta ce, yaya zan tuna inda ake rabawa da inda ake ninkawa? Ki tuna da hatsi. In kin san kuɗin buhu kina neman na mudu, rabawa kike yi. In kin san na mudu kina neman na buhu, ninkawa kike yi. A nan giram shi ne ƙarami, sai tola, sai oza, sai kilo. Don haka duk lissafin da ya nuna miki tola ta fi oza tsada, ko giram ya fi tola, an juya shi baibai, a sake.

Sai maganar tola, wadda ita ce ta fi cin mutane. Asalinta ma'aunin ƙasar Indiya ne, kuma har yau ana ciniki da ita a Indiya da Pakistan da kasuwannin zinariya na ƙasashen Larabawa. Cikakkiyar tola giram 11.664 ce, amma wasu 'yan kasuwa, musamman a Indiya, sukan kira giram 10 tola don sauƙin lissafi. Ke nan kalma ɗaya tana iya nufin nauyi biyu. In kika biya naira 1,749,600 kuɗin cikakkiyar tola aka ba ki giram 10, an rage miki giram 1.664, wanda a misalinmu ya kai naira 249,600. Saboda haka duk wanda ya ce miki tola, ki tambaye shi, "Malam, tolar taka giram nawa ce?" Sannan ki ce a ɗora a sikeli ki ga lambar da idonki.

Akwai hanyar gwada lissafin tola ba tare da giram ba. Cikakkiyar tola kashi uku ce cikin takwas na oza. A misalinmu oza ɗaya naira 4,665,000 ce. Ki raba ta gida takwas, ki ɗauki uku, za ki sami naira 1,749,375. Kin ga ya yi kusa sosai da 1,749,600 da muka samu ɗazu. Ɗan bambancin naira 225 ya zo ne saboda mun taƙaita lambar oza a 31.1, kada ya dame ki. Amma in kika ga bambancin dubbai masu yawa, akwai kuskure a wani wuri.

To duk wannan farashin na tsantsar zinariya ne, wadda ake kira karat 24. Kayan adon da muke saye an gauraya su da wani ƙarfe don su yi ƙwari. Karat 21 na nufin kashi 21 cikin 24 ne zinariya, karat 18 kuma kashi 18 cikin 24. Ki duba bayan ɗan kunne ko wajen maɓallin sarƙa, sau da yawa za ki ga ƙaramin tambari: 750 shi ne karat 18, 875 karat 21, 916 karat 22. Lissafinsa shi ne ki raba kuɗin giram da 24, ki ninka da karat ɗin kayanki. A misalinmu giram na karat 21 naira 131,250 ne, na karat 18 kuma naira 112,500. Sai dai tambari shi kaɗai ba shaida ba ne, don ana buga na ƙarya. In kayan masu tsada ne, a kai wa maƙerin zinariya da aka yarda da shi ya gwada.

Yanzu mu haɗa komai a kan abu ɗaya. A ce wata 'yar ƙungiya tana da sarƙa karat 21, rasit ɗinta ya ce rabin tola, tana so ta sayar ta biya bashin asusu ta kuma sayi taki. Mai saye ya ce mata, "Hajiya, rabin tola ai giram biyar ne," ya buga 5 sau 131,250, ya ce naira 656,250. Ita kuma ta ce a ɗora a sikeli. Sikeli ya nuna giram 5.83, don rabin cikakkiyar tola giram 5.832 ne. A ninka 5.832 sau 131,250, ya zama naira 765,450. Tsakanin lissafinsa da nata akwai naira 109,200. Bai musa mata farashin giram ba, bai musa karat ba, a kan tola kaɗai wannan kuɗin ya so ya salwanta.

Amma kada ta ɗauka 765,450 za a ƙirgo mata cif. Wannan darajar zinariyar da ke jikin sarƙar ce a farashin duniya. Mai saye zai rage wani abu don ribarsa, kuma in akwai duwatsu a jiki zai cire nauyinsu. Haka in saye kika je yi, mai shago zai ɗora kuɗin aiki da ribarsa a sama, kuma kuɗin aikin nan yawanci ba ya dawowa ranar sayarwa. Amfanin lissafin shi ne ki san inda ciniki ya fara. Sai ki ce masa ya faɗa miki abu biyu daban daban: nawa ne giram, nawa ne abin da ya ɗora ko ya rage. In ya dunƙule su wuri ɗaya ya ƙi rarrabewa, ki je shago na gaba ki tambaya.

Abu na ƙarshe shi ne ɗigo da waƙafi a kalkuletar waya. Tola 11 ce da ɗigo 664. In kika manta ɗigon kika danna 11664, amsar za ta ninku sau dubu. 'Yan uwanmu na Nijar kuma ku lura, a rubutun Faransanci waƙafi ake sawa a wurin da muke sa ɗigo, don haka in kin ga 11,664 a rasit na can, tola ɗaya ake nufi, ba dubu goma sha ɗaya ba. Kuma ku naku lissafin da sefa za ku yi, matakan dai ɗaya ne: a raba da 31.1, a ninka da canjin dala na ranar.

Kafin mu tashi, ku kasu uku uku, kowane rukuni da waya ɗaya. Ga aikin: ɗan kunne mai giram 3, karat 18, a farashin misalinmu, nawa ne darajar zinariyarsa? Duk rukunin da ya sami naira 337,500 ya yi daidai. Wanda ya sami 450,000 ya manta da karat. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, duk mai tsohon rasit na zinariya a gida ta zo da shi, mu duba nauyin da aka rubuta, da karat, da ko giram aka sa ko tola. Ma'aji, ke kuma ki tambayo mana farashin oza da canjin dala na ranar, mu yi lissafin da lambobin gaske.

Allah ya sa albarka a abin da muke tarawa.