Yara Goma Sha Huɗu da Hukunci Ɗaya: Jawabi a Kan Gwajin Wilcoxon



Da yawa daga cikinmu muna ƙaro karatu, kuma duk wanda ya kai ga rubuta kundin bincike ya san inda gizo ke saƙa. Ka gwada hanyar koyarwa biyu, ka tara maki, sai a ce ka yi gwajin t domin a ga ko bambancin na gaske ne. Amma gwajin t yana da sharaɗi. Yana ɗauka cewa makin ya watsu kamar tsibin hatsi: yawancin yara a tsakiya, kaɗan a sama, kaɗan a ƙasa, gefe biyu daidai. Idan yaran suna da yawa, saɓa wa sharaɗin ba ya cika yin ɓarna. Idan kuwa bakwai ne da bakwai, yaro ɗaya tak yana iya juya hukuncin.

Ga misali da na tsara domin wannan zama. Malama tana da yara goma sha huɗu 'yan aji uku na firamare. Ta yi ƙuri'a ta raba su gida biyu. Rukunin farko ta koya musu karatu ta hanyar haɗa sautukan baƙi da wasali, na biyu kuma ta bar su a kan tsohuwar hanya. Bayan zango guda ta ƙirga kalmomin da kowane yaro ya karanta daidai cikin minti ɗaya.

Sabuwar hanya: 18, 22, 25, 27, 30, 33, 35.

Tsohuwar hanya: 4, 7, 9, 12, 15, 20, 110.

Mai 110 ɗin nan kowa a cikinku ya taɓa samun irinsa a aji: tun daga gida ya iya karatu. Idan aka haɗa makin kowane rukuni aka raba gida bakwai, na farko ya tashi da kusan 27, na biyu da kusan 25. Gwajin t zai ce babu bambancin a-zo-a-gani, kuma idan rahoton ya tafi haka, a yi watsi da hanyar da ta taimaki yara. Alhali ido ma ya ga cewa shida daga cikin bakwai na tsohuwar hanya ba su wuce kalma ashirin ba.

Wani zai ce a cire yaron mana. Ban yarda ba. Ɗalibinki ne, makinsa kuma ba kuskure ba ne. Ranar da muka fara zubar da makin da bai yi mana daɗi ba, bincike ya zama son zuciya.

Mafitar da Frank Wilcoxon, masanin kimiyyar sinadarai a Amurka, ya wallafa a 1945 ita ce a ajiye makin a koma ga matsayi. A 1947 Mann da Whitney suka faɗaɗa ta har ga rukunan da yawansu bai zo ɗaya ba, shi ya sa za ku ji ana kiran gwajin da sunansu. Aikin kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu, domin kowane ƙarshen zango muna fitar da na ɗaya da na biyu a aji. Bambancin kawai, a nan daga ƙasa ake farawa.

Ku haɗe yaran duka a jeri ɗaya, daga ƙarami zuwa babba. Masu 4, 7, 9, 12 da 15 su ne matsayi na 1 zuwa na 5, dukkansu 'yan tsohuwar hanya. Mai 18, na sabuwar hanya, shi ne na 6. Mai 20, na tsohuwar, na 7. Sauran shida na sabuwar hanya suka kwashe na 8 zuwa na 13. Gwaninmu mai 110 ya zama na 14. Ku lura da abin da ya faru da shi: ya fi mai bi masa da kalma 75, amma a matsayi taki ɗaya kawai ya ba shi. Yana nan a lissafi, sai dai ba ya iya ɗaukar abokansa shida a kafaɗa.

Sai a tara matsayin kowane rukuni. Tsohuwar hanya ta samu 36, sabuwar ta samu 69. Kafin ku ci gaba ku duba aikinku: jimlar lambobi daga 1 zuwa 14 ita ce 105, kuma 36 da 69 sun ba da 105. In ba su bayar ba, an tsallake wani ko an maimaita shi.

To, 36 ɗin ta yi ƙanƙanta har a ce ba sa'a ba ce? Da a ce hanyoyin biyu duk ɗaya ne, da kowane rukuni zai samu wajen rabin 105, wato 52.5. Akwai hanyoyi 3,432 da za a iya zaɓar matsayi bakwai daga goma sha huɗu. Daga cikinsu 65 kaɗai ke ba da jimla 36 ko ƙasa da haka, wasu 65 kuma suna ba da 69 ko sama. Wato 130 cikin 3,432, kusan kashi 4 cikin ɗari. Tunda bisa al'ada ana sa iyaka a kashi 5, malama tana da hujjar cewa bambancin ya wuce abin da ƙuri'a kaɗai kan haifar. Ba sai kun yi wannan ƙirga da kanku ba. Littattafan ƙididdiga suna da jadawali, kuma na bakwai da bakwai yana nuna 36 a matsayin iyaka.

Idan za ku bayyana wa shugaban makaranta ko iyaye, ga hanya mafi sauƙi. A haɗa kowane yaro na wannan rukuni da kowane na wancan, karawa 49 ke nan. 'Yan tsohuwar hanya sun ci 8: gwanin ya ci bakwai, mai 20 ya doke mai 18. Sauran 41 na sabuwar hanya ne. Wannan 8 ita ce ake kira U a lissafin Mann da Whitney.

Sai dai kada a yi saurin buga ganga. Da mai 20 ya karanta 23, da ya haye mai 22, jimlar ta koma 37, kason ya zama 5.3 cikin ɗari, an fita daga iyaka. Kalma uku a bakin yaro ɗaya. Saboda haka a rahoto a faɗi yawan yaran da makinsu duka, a kuma faɗi makin da ke tsakiyar kowane rukuni, wato 27 da 12, kada a tsaya ga cewa “an samu bambanci”. Ƙanƙantar rukuni ma tana da ƙarshe: da uku da uku, rabon matsayi iri 20 ne kacal, don haka ko rukuni ɗaya ya cinye duka, kason ba zai sauka ƙasa da 10 cikin ɗari ba.

Idan yara biyu suka yi kunnen doki, misali a matsayi na 6 da na 7, kowanne a ba shi 6.5, na gaba ya zama na 8. Mai aiki da Excel ya yi amfani da RANK.AVG, ya zaɓi jeri daga ƙasa zuwa sama. Idan kunnen doki ya yi yawa, kamar a gwajin da aka yi bisa maki biyar, jadawalin ba ya zama daidai sosai.

Kuskuren da na fi gani a kundaye shi ne a auna yara kafin darasi da bayansa, sannan a sa makin a wannan gwaji. Waɗannan ba rukuni biyu ba ne, yara ɗaya ne aka auna sau biyu. Wilcoxon yana da wani gwajin daban domin haka, wanda ke jera bambancin da kowane yaro ya samu tsakanin awo biyun. Sunan ne ya zo ɗaya, shi ke rikita mutane. Ƙuri'ar da malama ta yi tun farko ma ba ado ba ce. Da ita ta tsinci masu ƙoƙari ta zuba su a sabuwar hanya, lissafin zai fito tsaf da 36 da 69, amma zaɓenta zai auna, ba koyarwarta ba.

Na rubuta makin goma sha huɗun a allo. Mai takarda ya jera su da kansa, mai tambaya kuma ina saurare.