Tara Tsawon Laccocin da Aka Naɗa: Inda Sittin ke Cika



Duk wanda ke harhaɗa laccoci ko karatun tafsiri don a sa a rediyo ko a raba wa jama'a, wata rana za a tambaye shi: duka-duka awa nawa ne? A nan mutum mai ilimi, wanda ya iya lissafin kuɗi tsaf, yakan yi tuntuɓe. Dalili kuwa, hannunmu ya saba da kobo ɗari su cika naira ɗaya, alhali shi agogo a sittin yake cika. Wannan ƙidaya ta sittin-sittin gado ce daga mutanen Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau.

Mu ɗauki laccoci huɗu. Ta farko minti 48 da sakan 35. Ta biyu awa 1 da minti 12 da sakan 50. Ta uku minti 55 da sakan 47, ta huɗu kuma minti 39 da sakan 58.

A jera su gida uku: gidan awa, gidan minti, gidan sakan, sannan a fara daga ƙarami. Sakan 35 da 50 da 47 da 58 sun ba mu 190. Sittin nawa ke cikin 190? Uku, wato 180, saura 10. Sai a rubuta 10 a gidan sakan, a riƙe 3 a kai su gidan minti. Ku lura, uku muka riƙe. Ɗalibai da yawa sukan riƙe ɗaya kawai komai yawan abin da ya taru, saboda da lambobi biyu aka koya musu, inda abin da ake riƙewa ba ya wuce ɗaya.

A gidan minti, 48 da 12 da 55 da 39 sun zama 154, a ƙara ukun da muka riƙe, 157 ke nan. Sittin biyu ne a ciki, saura 37. Waɗannan awa biyu su haɗu da awa ɗayan lacca ta biyu. Jimilla: awa 3 da minti 37 da sakan 10.

To ga inda nake so mu ɗan dakata. Wani zai ce ai ga kalkuleta a waya, sai ya danna 48.35 da 72.50 da 55.47 da 39.58, ta ba shi 215.90. Idan yana da lura zai ga sakan 90 ba ya zama, ya mayar da shi minti ɗaya da rabi, ya samu awa 3 da minti 36 da sakan 30. Ya yi gyara, amma har yanzu sakan 40 sun ɓace. Ina suka tafi? Kalkuleta ta jira sai da sakan suka kai ɗari kafin ta ba da minti ɗaya, alhali sakan ɗari minti ɗaya ne da sakan 40. Duk lokacin da ta tsallaka ɗari, arba'in sun salwanta. A laccoci huɗu abin bai taka kara ya karya ba, amma a karatun wata guda mintoci ne masu yawa, kuma mai shirin rediyo da aka yanka wa fili ya san abin da minti biyar ke nufi. Abin da ya sa na fi tsoron wannan kuskure shi ne amsar takan zo kusa da gaskiya, ba ta tayar wa kowa da hankali.

Hanyar tabbatarwa ita ce a mayar da komai sakan. Laccocin namu sun zama 2915 da 4370 da 3347 da 2398, jimilla 13030. A raba da 3600, a samu awa 3 saura 2230. A raba saurar da 60, a samu minti 37 saura 10. Amsa biyu sun dace.

Masu aiki da Excel kuma, tarko biyu ke jiranku. Idan ka rubuta `48:35`, manhajar za ta ɗauka awa 48 da minti 35 kake nufi, don haka a rubuta `0:48:35`. Na biyu, tsarin `h:mm:ss` yana komawa sifili idan an cika awa 24, sai jimillar awa 27 ta fito a matsayin awa 3. A sa wa gidan jimilla wannan tsari:

```
[h]:mm:ss
```

Roƙona ga masu adana karatu a makarantu da masallatai: ku riƙa rubuta tsawon kowane karatu da gidajensa uku cikakku, har da sifilin awa, kuma kada jimilla ta fita hannunku sai kun gwada ta da hanyar sakan.