Ƙamus Mai Ramewa da Allo Mai Ido: Yadda Ake Mallakar Mutum a Littafin 1984



Littafin da za mu tattauna a kansa yau shi ne 1984, wanda George Orwell ya rubuta, aka buga shi a Landan a watan Yunin 1949, wata bakwai kacal kafin tarin fuka ya yi ajalinsa a Janairun 1950. Da yawa daga cikinmu mun fara sanin wannan marubuci ne ta Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtuwa ya yi wa wani littafin nasa. Shi ma Orwell ya taɓa riƙe alli, domin ya koyar a wata ƙaramar makaranta kusa da Landan a 1932. Labarin yana faruwa ne a Landan ɗin, amma wadda ta koma wani yanki na daular Oshiyaniya, ƙarƙashin Jam'iyya guda da shugabanta, Babban Yaya. Jarumin, Winston Smith, ɗan shekara 39, ƙaramin ma'aikaci ne a Ma'aikatar Gaskiya, inda aikinsa shi ne sake rubuta tsofaffin jaridu don su dace da abin da Jam'iyya ta faɗa yau. Kayan aiki biyu na wannan mulki za mu duba: harshen da aka ƙirƙira, da sa idon da ba ya ƙyaftawa.

Mu fara da harshen, wanda za mu kira Sabuwar Magana. Mu da muke koyarwa mun saba auna ci gaban yaro da yawan kalmomin da ya ƙara sani daga zango zuwa zango. A Oshiyaniya an juya ma'aunin. Ana shirya bugu na goma sha ɗaya na ƙamus, kuma abin alfaharin masu aikin shi ne yawan kalmomin da suka kashe. Syme, abokin aikin Winston kuma masanin harshe, yana bayyana wannan a ɗakin cin abinci da irin zumuɗin da manomi ke yi in ya ga damina ta yi albarka.

Ga yadda ake yin kisan. A ɗauki kalmar da ke nufin kyau. Da farko sai a soke kishiyarta, a ce ba a bukatarta, tun da ana iya liƙa wa kalmar ɗafin korewa a gaba. Da a Hausa ne, sai a hana mu cewa mummuna, a ce mu riƙa cewa ba-kyau. Daga nan sai a soke duk kalmomin da ke nuna fifiko, a maye gurbinsu da ɗafin ƙari: ƙarin-kyau, in abin ya kai matuƙa kuma, ninkin-ƙarin-kyau. Da haka saiwa guda ta cinye dangi guda na kalmomi. To, mu tsaya mu duba abin da aka yi asara. A bakinmu, mugu daban, azzalumi daban, maha'inci daban, matsoraci daban. Kowace daga cikinsu tana ɗauke da tuhuma ta musamman: azzalumi yana da wanda ya zalunta, maha'inci yana da amanar da ya ci. In duk suka narke suka zama ba-kyau, mai magana zai iya nuna ƙyamarsa, amma ba zai iya faɗin laifin da aka yi ba, balle ya kafa hujja. Wannan ya sa muke ganin darasin kishiyoyin kalmomi, da muke ɗauka ƙaramin abu ne na 'yan aji uku, ya fi ƙarfin yadda muke kallonsa.

Akwai dabara ta biyu da ta fi wannan wayo, wato a bar kalma da rai a zare mata ma'ana. Orwell ya yi bayaninta a ratayen da ya sa a ƙarshen littafin. Kalmar Ingilishi da ke nufin 'yantacce ba a soke ta ba, sai dai an taƙaita ta ga ma'anar rabuwa da wani abu, kamar a ce kare ya rabu da ƙwarƙwata ko gona ta rabu da ciyawa. Ma'anarta ta siyasa da ta tunani ta tafi. Yaron da ya tashi da wannan harshe zai ga kalmar a tsohon littafi, ya karanta ta daidai, amma ba zai ji komai ba. Haka kuma ake gutsure sunayen ma'aikatu su zama 'yan gaɓoɓi masu saurin fita daga baki. Orwell bai ƙago wannan daga iska ba, ya lura da shi ne a sunaye irin su Gestapo na Jamus da Kwamintan na Tarayyar Sobiyet. Sunan da aka faɗa cikakke yana sa mutum ya ɗan dakata ya tuna abin da yake nufi. Wanda aka gutsure kuwa wucewa yake yi kamar lambar mota. Da haka Ma'aikatar Ƙauna, inda ake azabtar da mutane, take fita daga baki ba tare da harshe ya yi tuntuɓe ba.

Sai sa ido. A ɗakin kowane ɗan Jam'iyya akwai allo a bango wanda yake watsa shirye-shirye, a lokaci guda kuma yana gani yana ji. Ana iya rage muryarsa, amma ba a iya kashe shi. Ba wanda ya san lokacin da 'Yan Sandan Tunani suke kallonsa, saboda haka dole kowa ya zauna kamar kullum ana kallonsa. Wata safiya, ana motsa jiki, matar da ke jagorantar atisayen ta cikin allon ta kira Winston da lambarsa, 6079, ta tsawata masa cewa bai sunkuya sosai ba. Tsawa guda irin wannan ta isa ta riƙe mutum shekara.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, ƙa'idojin nan ba a rubuce suke ba. A Oshiyaniya babu doka ko ɗaya. Ranar 4 ga Afrilun 1984, da Winston ya raɓe a wani lungu na ɗakinsa da allon ba ya hangowa ya fara rubuta abin da ke ransa, bai karya wata doka ba, amma ya san in aka kama shi hukuncin kisa ne, ko aƙalla shekara 25 a sansanin aikin bauta. Doka, ko da ta zalunci ce, tana da iyaka, mutum yana iya sanin inda ta tsaya ya tsaya a bayanta. Inda babu ita, tsoro ne ke shata iyakar, shi kuwa tsoro kullum faɗaɗa ta yake yi.

A nan ne kayan aikin biyu suke haɗuwa. Harshen da ke zubar da kalmomi yana kuma ƙera sababbi, kuma da yawansu sunayen laifi ne. Akwai laifin-tunani. Akwai laifin-fuska, wato a ga alamar shakka a fuskarka lokacin da ake shelar nasarar yaƙi. Akwai kalma ta musamman ga son kaɗaici, ko da yawo ne mutum ya fita shi kaɗai. Allon yana ganin fuska ne kawai, kalmar ce take mayar da ɗaga gira ya zama abin tuhuma. Da zarar an ba abu suna, maƙwabci ya iya gane shi, ɗa ya iya kai rahotonsa, mai shi ma ya fara tsaron kansa da kansa.

Mu bi labarin mutum biyu mu ga yadda abin yake aiki. Parsons maƙwabcin Winston ne, mai ƙiba da yawan gumi, wanda ya gaskata duk abin da aka faɗa masa, ba ya fashin taro ko karo-karo. 'Ya'yansa suna cikin ƙungiyar 'yan leƙen asiri ta yara, yana kuma alfahari da su. Ƙarshenta Winston ya tarar da shi a kurkukun Ma'aikatar Ƙauna. 'Yarsa mai shekara bakwai ce ta kasa kunne ta kafar makulli, ta ji yana tsine wa Babban Yaya cikin barci, ta kai ƙara. Abin da ke sa jikin mai karatu ya yi sanyi shi ne Parsons bai ji haushinta ba. Cewa ya yi hakan ya nuna ya ba ta tarbiyya tagari, har yana shirin gode wa kotu da ta cece shi tun bai yi nisa ba. Duk wanda ya taɓa naɗa manita ya ce ya rubuta sunayen masu surutu ya san daɗin da yaro ke ji in aka ba shi wannan iko, mu ma ba mu kuɓuta daga yin hakan ba. Shi kuwa Syme, mai aikin ƙamus, amincinsa ga Jam'iyya ba shi da shakka, amma ya fahimci manufar aikin sosai, yana kuma faɗinta a fili. Wata rana bai zo aiki ba. Da Winston ya duba jerin sunayen kwamitin wasan dara na Turawa a allon sanarwa, sai ya ga jerin yana nan yadda yake, sai dai ya ragu da suna ɗaya. An yi wa Syme abin da shi ya saba yi wa kalmomi.

Sai dai kada mu ɗora wa harshen abin da littafin bai ɗora masa ba. A lokacin labarin babu wanda Sabuwar Magana ce kaɗai harshensa, an yi hasashen ba za ta kore tsohon harshe ba sai wajen 2050. Talakawa, kashi 85 cikin ɗari na jama'a, ba a damu da koya musu ita ba, kuma yawancinsu ba su da allo a gida, domin Jam'iyya ba ta tsoronsu. Manyan 'yan Jam'iyya irin su O'Brien kuwa suna iya kashe nasu allon na ɗan lokaci. Matsin ya fi sauka ne kan na tsakiya, masu karatu da rubutu. Kuma ba ƙamus ne ya karya Winston ba. Allon da aka ɓoye bayan wani hoto, a ɗakin da yake haɗuwa da masoyiyarsa Julia, shi ya kama shi, duka da yunwa da wutar lantarki suka lanƙwasa shi, ɓerayen Ɗaki na 101 suka ƙarasa shi. A ganinmu, ra'ayin cewa rashin kalma yana hana tunani gaba ɗaya ya wuce gona da iri. Mun sha ganin yaron da aka zalunta a aji yana kuka tun bai san kalmar zalunci ba, ga kuma Parsons da bakinsa ya furta cikin barci abin da bai taɓa yarda yana ransa ba. Abin da rashin kalma ke hanawa shi ne mutum ya faɗa wa ɗan uwansa, su gane damuwarsu ɗaya ce.

Wanda zai karanta littafin, kada ya tsallake ratayen nan na ƙarshe don ya ga kamar darasin nahawu ne. An rubuta shi da Ingilishi na yau da kullum, kuma yana ba da labarin Sabuwar Magana a matsayin abin da ya shuɗe. Marubuciya Margaret Atwood tana cikin waɗanda suka ɗauki wannan a matsayin alamar cewa mulkin ya faɗi, har wani ya zauna daga baya yana nazarinsa da kalmomin da aka yi niyyar kashewa. Wasu masu nazari ba su yarda da wannan fassara ba. Mu dai mun fi karkata ga tata.