Farin Tabo a Hoton Huhu: Kama Ɗaya, Illa Uku

 

Mas'alar da za mu yi bahasi a kanta yau ita ce dalilin da ya sa likita yakan ɗaga hoton ƙirji, ya ga fari ya mamaye wani sashe na huhu, amma ya ƙi yanke hukunci nan take, alhali kuwa majinyaci da danginsa suna zaton hoto shaida ce wadda ba ta bukatar wata hujja.

Asalin al'amarin yana cikin ɗabi'ar hasken nan da Röntgen, masanin Jamus, ya gano a shekarar 1895. Hasken yana ratsa jiki, gaɓoɓi suna tare shi gwargwadon kaurinsu, ta yadda iska, da yake ba ta tare kome, takan fito baƙa, ƙashi ya fito fari fat, nama da ruwa kuwa su tsaya tsakani. To, huhu mai lafiya galibinsa iska ce a cikin miliyoyin ƙananan jakunkuna, shi ya sa yake fitowa da duhu. Duk abin da ya kori iskar nan ya maye gurbinta, mugunya ce ta namoniya, ko ruwa, ko jini, ko taurin naman da ciwo ya bari bayan ya warke, kaurinsu kusan ɗaya ne, saboda haka farinsu ma ɗaya. Misalinsa kamar inuwar tulu ce a bayan labule: za ka san tulu ne, amma inuwa ba za ta gaya maka ko madara ce a ciki ko kunu ba.

Bari mu ƙaddara wani dattijo mai shekara 55 ya zo da tari, aka ɗauki hotonsa yana tsaye, aka ga fari a huhun dama. Da farko likita zai duba mazaunin farin da siffarsa. Idan a ƙasa ya kwanta, ya shafe kusurwar nan mai tsini inda haƙarƙari ya haɗu da tantanin da ya raba ƙirji da ciki, kuma bakinsa na sama ya lanƙwasa yana hawa ta gefen haƙarƙari, to alama ce ta ruwa da ya taru tsakanin huhu da bangon ƙirji, domin ruwa yana bin gangare. Sai dai kusurwar ba ta shafewa a hoton gaba sai ruwan ya kai kimanin mililita 200, kuma in an ɗauki hoton majinyaci yana kwance, ruwan yakan bazu a baya ya zama hazo kawai, wanda sau da yawa yakan ruɗi ma'aikaci mai gaggawa.

Idan kuwa a cikin farin an hango siraran layuka baƙaƙe masu rassa, waɗannan hanyoyin numfashi ne da suka wanzu da iskarsu alhali jakunkunan da ke kewaye da su sun cika, wannan kuwa dalili ne cewa cutar tana cikin naman huhu kansa, kamar yadda ake gani a namoniya. Na ce dalili, ban ce yaƙini ba, domin ruwan da raunin zuciya ke turawa cikin jakunkunan shi ma yana iya nuna haka, ko da yake shi galibi huhu biyu yake kamawa, tare da zuciya wadda faɗinta ya haura rabin faɗin ƙirji.

Amma alamar da na fi ba muhimmanci ita ce matsayin bututun iska na tsakiyar ƙirji. Ruwa mai yawa yana ture shi zuwa ɗaya gefen, namoniya galibi tana barinsa a muhallinsa, tabo kuwa, da yake nama ne da ya tsuke ya ƙanƙance, janyo shi yake yi zuwa gare shi. A ƙasarmu, inda tarin fuka ya yawaita, irin wannan tabo a saman huhu ba baƙo ba ne, kuma a nan ne kuskure yake aukuwa ta fuska biyu: ko a ɗora wa mutum magani saboda ciwon da ya daɗe da warkewa, ko a ce tsohon tabo ne alhali cutar tana raye a cikinsa. Hoto guda ba ya raba wannan gardama. Gwajin kaki ne yake raba ta.

Dattijon namu dai, za a tambaye shi ko zazzaɓi ya rufe shi kwanan nan, ko ya rame, ko ya taɓa shan maganin tarin fuka na wata shida, sannan a nemi tsohon hotonsa, domin farin da bai sauya ba shekara da shekaru tabo ne. In babu tsohon hoto, lokaci zai zama alƙali: ruwan zuciya yakan janye cikin kwanaki kaɗan da maganin da ke sa fitsari, farin namoniya kuwa yakan yi jinkiri har bayan majinyaci ya ji sauƙi, shi ya sa ake sake hoto bayan kimanin mako shida, musamman ga mai shekaru ko mai shan taba. Idan farin yana nan daram a lokacin, wajibi ne a zurfafa bincike, domin ciwon daji ma da wannan farin yake fitowa.