"An auna" ko "na auna"?

Duk wanda ya duba kundin ɗaliban kimiyya zai ga shafi cike da "an": an ɗebo ruwa, an tace, an auna. Wa ya ɗebo? Shiru.

Mu ɗauki jimla guda: "An ɗebo ruwa daga rijiyoyi 12, an ga cewa bai dace a sha ba." Abu biyu aka cusa a nan. Ɗiban ruwa aikin hannu ne, duk wanda ya bi ƙa'ida zai iya yi, don haka "an ɗebo" ba laifi. Amma cewa ruwan bai dace a sha ba hukunci ne, kuma hukunci yana da mai shi. Gyaran shi ne: "An ɗebo ruwa daga rijiyoyi 12. Bisa ƙwayoyin cutar da muka samu, mun yanke cewa bai dace a sha ba." Yanzu mai karatu ya san wanda zai tuhuma.

Matsalar ta fi tsanani inda marubuci ya kawo aikin wasu kusa da nasa. Idan ya ce "an gano" sau biyu a jere, ba a san wanne ne nasa ba.

Sai dai a kula. In ma'aikacin ɗakin gwaji ne ya yi awon, rubuta "na auna" ƙarya ce. A ambace shi. Ɗalibi shi kaɗai kuma ya bar "mun", ba sarki ba ne. Mujallar Nature tana son marubuta su fito fili su ce "mun yi", amma wasu sassan jami'a har gobe suna hana "na" a kundin digiri. Kafin ka sauya ko jimla ɗaya, karanta ƙa'idar sashenku, ka tambayi malamin da ke duba aikinka.