Awon Jinin Yara: Shekaru, Tsawo da Jinsi



Yawancinmu mun san cewa idan aka auna babban mutum aka sami 120/80, sai a ce masa babu damuwa. Lambar sama ita ce ƙarfin da jini ke yi a jijiya lokacin da zuciya ta buga, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki tana hutawa. To wannan lambar da ke kwantar da hankalin babba, idan aka same ta a jikin ɗan aji uku, abin bincike ce. Dalili kuwa shi ne ƙarfin jinin yaro yana ƙaruwa ne yadda jikinsa ke girma, don haka ba a hukunta shi sai an gwada shi da tsararsa.

Ga yadda ake gwadawar. Mu ɗauka mun jera yara maza ɗari masu shekaru ɗaya da tsawo ɗaya, kamar layin safe, daga mai ƙaramin awo zuwa mai babba. Bisa ƙa'idar da Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta fitar a 2017, yaron da awonsa bai kai na mutum na 90 ba lafiyarsa ƙalau. Daga na 90 zuwa ƙasa da na 95, jini ya ɗan ɗaga. Daga na 95 zuwa sama, ana zargin hawan jini. Maza da jadawalinsu, mata da nasu, domin girmansu ba ya tafiya tare, ko da yake a shekarun firamare bambancin kaɗan ne.

Tsawo shi ne abin da aka fi mantawa. Ga yara maza biyu 'yan shekara 10, kowanne an sami 114/70. Na farko tsawonsa santimita 130 ne. A jadawalin, na 90 a layinsa yana da 108, na 95 kuma 112, saboda haka 114 ta wuce iyaka. Na biyu dogo ne, kusan santimita 153. A nasa layin, na 90 yana da 116, wato 114 ba ta kai ko'ina ba. Aji ɗaya, shekaru ɗaya, lamba ɗaya, amma ɗaya a sake duba shi, ɗayan ya koma wasansa. Shi ya sa muke ganin awon da ba a haɗa shi da tsawon yaro ba rabin aiki ne. Daga shekara 13 kuwa sai a ajiye jadawalin: ƙasa da 120/80 daidai ne, 130/80 zuwa sama hawan jini ne, mace ko namiji.

Sai dai kafin a buɗe jadawali, dole awon kansa ya zama na gaskiya. Yaro zai zauna shiru minti uku zuwa biyar, ya jingina bayansa, ƙafafunsa a ƙasa, hannun dama a daidai zuciya. Wanda ya shigo yana haki daga filin ƙwallo, ko yana kuka don tsoron allura, lambarsa ba abin dogaro ba ce. Ɗamarar da ake naɗawa a damtse ma tana da ƙa'ida: faɗin jakar iskar da ke cikinta ya kai kashi 40 cikin ɗari na kewayen damtsen, tsawonta kashi 80 zuwa ɗari. Damtse mai kewayen santimita 20 yana buƙatar faɗin santimita 8 da tsawon 16 zuwa 20. Ɗamarar da ta yi ƙanƙanta tana ƙara lamba, wadda ta yi girma takan rage ta. Na'urar da muka saya wa kanmu a gida ta manya ce, kada mu yanke wa yaro hukunci da ita.

Yaron nan mai santimita 130 ma ba za a ce yana da hawan jini a ranar ba. Sai an sami lambar a sama a ziyara uku daban-daban, an kuma tabbatar da awon hannu, wanda ma'aikacin lafiya ke saurare da kunne. Idan ta tabbata, a ƙananan yara likita yakan duba ƙoda da ƙuncin babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, a matasa kuma ƙiba ce ta fi yawa. Ƙa'idar ta ce a fara awon daga shekara 3, sau ɗaya a shekara. Don haka idan mun kai yaro asibiti, mu nemi a rubuta mana tsawonsa da shekarunsa kusa da lambar a katinsa.